Allon shagon caji: "netwok" za mu rubuta ko mu nemo Hausarsa?

Auwal Wunti: Assalamu alaikum jama'a. Yayana zai buɗe shagon cajin waya da cire kuɗi a gefen kasuwar Muda Lawal, ya ce in tsara abin da za a rubuta a allo kafin mai fenti ya zo ranar Asabar. Na ba wani ƙanenmu mai karatun Hausa, ga abin da ya kawo: "Muna ɗura wa wayoyin hannu lantarki. Ka zo da na'urar ɗura lantarkinka. Idan yanar gizo ta katse, ka yi haƙuri. Kada ka faɗa wa kowa lambar sirrinka." Yaya ya karanta ya ce ai wannan ko shi mai shagon sai an yi masa tafinta. Yawancin masu zuwa 'yan kasuwa ne da masu kawo kaya daga ƙauye. A bar caja da netwok yadda kowa ke faɗa, ko a tsaya kan Hausa zalla?

Hajiya Ladi: Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan yaron nan. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da masu fassara labarai sun ce a bar komai yadda ya zo, da yau ba mu da jirgin sama, ba mu da ɗan sanda, ba mu da majalisa. Yanar gizo ma da aka fara faɗa a rediyo dariya aka riƙa yi, yanzu ga shi ta zauna. Allo rubutu ne, rubutu kuma shi ke koya wa yara. A gyara "ɗura" ɗin dai, don sai ka ce ana ba jariri magani.

Bala Mai Gyara: Hajiya, da girmanki, amma a nan ba a nan gizo ke saƙar ba. Yanar gizo intanet ce. Abin da ke hana kuɗi fita a irin shagon yayan Auwal sau da yawa ba intanet ba ne, kuma abin da ke hana kira shiga ba shi da alaƙa da ita sam. Wata ƙaramar waya mai madannai ba ta taɓa shiga yanar gizo ba, amma kullum mai ita yana cewa ba sabis. To in ka rubuta "yanar gizo ta katse", wanda ya gane kalmar ma ka gaya masa abin da ba shi ne ya faru ba.

Amma kada a ɗauka "netwok" ɗin ta tsira. Mutum zai zo ya ce "ba netwok", sai ka tarar ɗaya daga cikin abu huɗu ne. Wani sandunan saman wayar ne suka ɓace, fuskar wayar ta rubuta `No service` ko `Emergency calls only`. Wannan shi ne rashin sabis na gaskiya, ko dai wurin ne, ko layin ya goce a mazauninsa, ko an rufe layin. Wani sandunan a cike suke, kira na shiga, saƙo ne ba ya tafiya, ka danna masa `*323#` ka ga datarsa ce ta ƙare tun jiya. Wani yana da data, amma kusa da sandunan `E` ne a rubuce maimakon `4G`, wayar na tafiya kamar hawainiya. Na huɗun shi ne na shagonku: wayar lafiya, injin cire kuɗi lafiya, amma rasit ya fito da `Issuer or switch inoperative`, wato bankin mai katin ne bai amsa ba. Duka huɗun a bakin mutane netwok ne, kuma maganinsu huɗu ne daban.

Auwal Wunti: To Oga Bala, ka rushe na yaron ka rushe na kasuwa. Me zan ba mai fenti?

Bala Mai Gyara: Ka rubuta abin da ya faru da Hausar da kowa ke ji: "Idan banki bai amsa ba, ka karɓi rasit ɗinka ka ajiye. Idan an cire kuɗi ba su fito ba, da shi za a bi." Ka ga banki aro ne, rasit aro ne, ba wanda zai ce bai san su ba. Amma amsa, cire, fito, ajiye, bi, duk namu ne, kuma su ne suka ɗauki ma'anar.

Malam Garba Azare: Bala ya taɓo jijiyar maganar, bari in ɗan ja ta. Ku lura da abin da Hausa ta saba ara da abin da ba ta cika ara ba. Sunan abin da ya zo daga waje, tana karɓa hannu bibbiyu: mota, tebur, bokiti, asibiti, likita, burki, tocila, daga Turanci. Littafi, alƙalami, alƙali daga Larabci. Ashana daga Yarbanci. Hajiya, majalisar da kika kawo misali ma Balarabiya ce, ta daɗe ne har muka manta baƙuwa ce. Abin da Hausa ba ta cika karɓa ba shi ne aikatau. Za ka ƙirga waɗanda suka shige ciki sosai da yatsu, irin canja, wadda har ta haifi canji da canzawa. Saura sai dai a jingina su da "yi", a ce ya yi fakin, ya yi caji.

Shi ya sa idan yaro ya ce "ka yi sendin ɗin hoton sai ka yi dilitin", kunne ke jin wani iri, amma "ka miƙo min caja" ba ya damun kowa. A na farkon an ture tura da goge, kalmomi masu rai da kowa ke amfani da su kullum, gajeru kuma sun fi na aron. A na biyun ba a ture komai ba, don kafin wayar salula ta bazu a ƙasar nan daga 2001 ba mu da wani abu a ɗakunanmu da ke wannan aikin, balle a ce yana da suna. Kunna, kashe, danna, tura, sauke, ɗora, goge, toshe, duk sun hau waya ba tare da wani kwamiti ya zauna ba.

Gwajin da nake ba ɗalibai shi ne su sa kalmar aron a cikin jimla su ga ko ta yi ɗa'a. Caja ta ƙare da wasalin a, ta zama mace kamar mota: cajata, cajar Audu, ta lalace. Ta yi jam'i irin namu, cajoji, kamar motoci da direbobi. Batir ya ba da batura kamar tebur da tebura. Layi ya ba da layuka. Kalmar da ta kai nan ta zama 'yar gida, korarta wahala ce kawai. Netwok kuwa har yanzu a zaure take. Ba ta da jam'in da aka yarda da shi, ƙarshenta baƙi ne tsirara, ga t da w sun haɗu a tsakiya ba wasali, abin da Hausa ta saba rabawa, kamar yadda ta yi wa burodi da firamare da sukurudireba. Sabis ta fi ta zama a baki, shi ya sa tsofaffi suka fi kama ta.

Usman Yelwa: Malam, gwajin nan naka na jinsi zai faɗi a cikin garin Bauchi fa. Mu nan "cajan Audu" muke cewa, "motan gidanmu", "wayan ya mutu". In da haka ne to mota ma ba ta zama 'yar gida ba ke nan.

Malam Garba Azare: Ka kama ni, Usman, kuma gaskiyarka. Bausanci bai damu da rarrabe namiji da mace a sunayen abubuwa ba kamar Kananci, riga ma "rigan" za ka ji. To a nan sai a bar gwajin jinsi a riƙe na jam'i da na lafazi. Amma a allo ni zan rubuta "cajarka", don rubutu daidaitacciyar Hausa yake bi.

Usman Yelwa: Ni kuwa da "cajanka" zan sa. Shago a Muda Lawal yake, ba a Kurmi ba.

Maman Ilham: Salamu alaikum, na ga ana maganar caja. Don Allah wayata tun shekaranjiya sai ta kwana a wuta ba ta wuce 40 ba, na sayi sabuwar caja jiya kuma duk ɗaya. Wace iri ya kamata in saya?

Auwal Wunti: Anti, maganar rubutun allo muke yi, amma ga Oga Bala nan.

Bala Mai Gyara: A'a bar ta, ai ta kawo mana misali har gida. Maman Ilham, da kika ce kin sayi sabuwar caja, me kika saya? Kan da ake sokawa a soket, ko igiyar, ko duka biyun?

Maman Ilham: Kan ne kawai. Igiyar ta da ce, ba ta tsinke ba.

Bala Mai Gyara: To kun gani. "Caja" kalma ɗaya ce, amma abu uku ne ke aikin: kan caja, igiyar caja, da bakin caji da ke ƙasan wayar. Wanda ya fi saurin mutuwa a cikinsu igiya ce, kuma ba sai ta tsinke a ido ba. Siraran wayoyin da ke cikinta ne ke karyewa a wuya, daidai inda ake lanƙwasawa idan ana danna waya tana caji. Wuta na wucewa kaɗan, alamar caji ta nuna, amma abin da ke shiga bai fi abin da wayar ke ci ba.

Ga yadda za ki bi. Ki aro igiyar da kika tabbatar tana aiki a wata wayar, ki haɗa da sabon kan naki, ki duba lambar cajin, ki ajiye wayar minti 30 ba tare da taɓawa ba. In ta ƙaru da 10 ko fiye, igiya ce, magana ta ƙare. In ba ta motsa ba, ki juya kan cajar ki karanta ƙananan rubutun jikinsa, wajen da aka sa `Output`. In kin ga `5V 1A`, ƙaramin kai ne, babban batir mai `5000mAh` zai kai awa biyar zuwa shida kafin ya cika da shi. `5V 2A` zai yi a wajen rabin haka. Sai dai na jabu ma suna rubuta `2A` alhali ba su kai ba, za ki ji shi sakayau a hannu, ya kuma yi zafi da wuri. In kai da igiya duk lafiya, ki kashe wayar, ki haska bakin cajin da tocila. Auduga da ƙurar jaka na dunƙulewa a ciki su hana igiya shiga har ƙarshe, alamarsa ita ce igiyar na rawa ko tana zamewa. Ki sa tsinken sakace na itace a hankali ki fito da su, kada ki sa allura. In duk wannan bai yi ba, sai mai gyara ya sa mita ya ga ko bakin ne ya ci ko batir. Idan kuma kika ga bayan wayar ya ɗago, batir ya kumbura, kada ki sake sa ta a wuta.

Abin da ya shafi muhawararmu shi ne, ban ce mata komai da Turanci ba sai abin da za ta karanta a jikin ƙarfen. Kai, igiya, baki, wuya, duk sassan jiki ne da kayan gida muka ɗora wa caja. Uwar kalmar aro ce, 'ya'yanta Hausa. Kuma dole a ce igiya, don in ka ce "wayar caja", wani zai ji wayar da ake kira da ita. Waya ɗin kanta aro ce, asalinta zaren ƙarfe, ta bi ta gidan waya da wayar tarho har ta zama abin da ke aljihunmu.

Hajiya Ladi: Na yarda da caja, na sallama. Amma Bala, ku masu gyara ku ne kuka fi kowa jibga Turanci inda ba a buƙata. Mutum ya kawo waya a ce masa "sai an yi filashin". Mene ne Hausar wannan?

Bala Mai Gyara: Wannan kam kin same mu, Hajiya, kuma ya fi ƙarfin ado, yana jawo rigima. Filashin a bakin mutane shi ne ka kira ka katse kafin a ɗauka. A bakin mai gyara kuwa, a sake zuba wa waya manhajarta daga tushe, wanda galibi yakan tafi da hotuna da saƙonni da lambobin da ke kan wayar. Dattijo ya ji filashin ya ce "yi mana", yana ganin ƙaramin abu ne, ya dawo ya tarar hotunan aurar da 'yarsa sun tafi. A irin wannan wuri kalmar aro ɓoye magana take yi. Abin da ya kamata a ce shi ne "za a goge komai da ke cikin wayar, ta koma kamar ranar da aka saye ta, ka yarda?" Sannan a cire layi da memori a damƙa masa a hannu kafin a fara.

Yohanna Billiri: Bari in sa baki a matsayin wanda Hausa ba ita ce ta gidansu ba. Daga nan har Gombe, Batangale da Bafulatani da Basayi da Bajari da Hausa suke ciniki, amma Hausar kasuwa ce, ba ta labaran ƙarfe bakwai ba. Na'ura, manhaja, kafar sadarwa, waɗannan mai sauraron rediyo ne ya san su. Caja, kati, layi, batir kuwa kowa da kowa. In allo na jama'a ne, a duba wa zai tsaya gabansa.

Kuma akwai abin da ba wanda ya taɓa a rubutun yaron nan, "lambar sirri". Ni a wurina nan ne haɗarin yake.

Auwal Wunti: Ni kuwa na ɗauka ita ce kaɗai ba ta da matsala.

Yohanna Billiri: Tana da ita, don lambobi da yawa take rufewa. Akwai `PIN` na katin banki, lamba 4, wanda mai kati ke dannawa da hannunsa. Akwai `OTP`, wanda banki ke turowa ta saƙo lokacin da za a fitar da kuɗi, galibi lamba 6, yana mutuwa bayan 'yan mintuna. Akwai `BVN`, lamba 11. Sai lambar asusu, lamba 10, wadda ita ba sirri ba ce, dole ka bayar in za a turo maka kuɗi. To ka ce wa mutum "kada ka ba da lambar sirri", shi a ransa ta kati ce kawai. Ɗan damfara ya kira shi ya ce daga banki ne, ba ma ya tambayar ta kati, ya ce "karanto min lambar da ta shigo maka yanzu". Mutumin ya karanta da zuciya ɗaya, don ba wanda ya taɓa ce masa ita ma sirri ce. Wani kuma ya ƙi ba da lambar asusunsa ga mai son biyansa kuɗin masara, wai an hana.

A nan sai an haɗa biyun. A rubuta sunan yadda zai gan shi a fuskar waya, sannan a faɗi aikinsa da Hausa: "Kada ka faɗa wa kowa `PIN` ɗin katinka, ko mu. Lambar `OTP` da banki ke turo maka ta saƙo, kada ka karanta wa kowa a waya, ko ya ce daga banki yake."

Malam Garba Azare: Wannan ya yi daidai, kuma ya nuna iyakar abin da na faɗa ɗazu. Abin da mutum zai gani a rubuce a fuskar waya ko jikin rasit, ba a Hausantar da rubutunsa, don idonsa zai nemi haruffan ne. In ka rubuta masa "fin" saboda ba mu da harafin p, kamar yadda muka yi wa fasinja da fensir, zai duba injin bai ga fin ba. A baki a ce fin, a allo a bar shi yadda injin ya rubuta.

Hajiya Ladi: To amma ku ji ni da kyau. Yau kun bar caja, kun bar data, kun bar rasit. Bala da bakinsa ya ce manhaja ɗazu bai ko lura ba, kalmar da a da tsarin karatun makaranta kawai take nufi. Wa ya ɗora ta a kan waya in ba masu fassara ba? Da an bi ta Yohanna an ce kasuwa ba ta sani ba, da ba ta kai bakin Bala ba. Dole wani ya fara rubutawa kafin a saba.

Yohanna Billiri: A fara a rediyo da makaranta, Hajiya, inda in mutum bai gane ba ba abin da zai rasa. Ba a inda kuɗinsa ke fita ba.

Hajiya Ladi: A rediyo ma ana sanar da rigakafi da ranar zaɓe, kada ka ce ba a rasa komai.

Sani Ɗan Maraɗi: Ku kuna faɗa a kan netwok, mu a can rezo muke cewa, daga Faransanci. Ranar da na fara jin "ba sabis" a tashar Gombe na ɗauka motar ce ba a yi wa gyara ba. In da akwai kalma ɗaya ta Hausa da ta haɗa mu, da ta yi amfani, nan ina tare da Hajiya. Sai dai ni ban ji wadda ta kama ba tukuna.

Auwal Wunti: Na gode ƙwarai. Ga abin da na haɗa, a duba min:

"Ana cajin waya da tocila da fawa banki. Ka zo da igiyarka, muna da kan caja. Ka karɓi lambar ajiya, da ita za ka karɓi wayarka. Ana cire kuɗi, ana tura kuɗi. Idan banki bai amsa ba, ka ajiye rasit ɗinka. Kada ka faɗa wa kowa `PIN` ɗinka, ko mu. Kada ka karanta wa kowa `OTP` a waya."

Usman Yelwa: "Fawa banki" sai ka ce mahauta sun buɗe asusu. Ga kuma banki na kuɗi a layi na gaba.

Malam Garba Azare: A haɗe ta wuri ɗaya, fawabanki, sai ta daina kama da fawa.

Bala Mai Gyara: A cire "lambar ajiya" kuma, lambobi sun yi yawa a allon, wani zai ɗauka ta asusu ce. Abin da ake ba mutum ɗan katako ne ko roba mai lamba, ɗaya a hannunsa, ɗaya a ɗaure jikin wayar da kyauro. Ka ce "ka karɓi shaida". Kuma Auwal, ka gaya wa Yaya ya sa a ƙara layi ɗaya a ƙasa: ba ma karɓar waya mai kumburarren batir.

Maman Ilham: Oga Bala, igiyar ce. Na ari ta maƙwabciyata, daga 38 ta kai 55.

Hajiya Ladi: Auwal, in akwai sauran wuri a allon, "ana cajin wayar hannu" dai, ba "waya" kawai ba.

Auwal Wunti: Hajiya, mai fentin da harafi yake ƙirga kuɗinsa.